Minti ɗaya da rabi a kan dandamali: yadda wata matashiyar nas a Jidda ta karɓi lambar yabo

## Tushen lamarin

Wadda wannan rubutu ya shafa ma'aikaciyar jinya ce mai shekara 26, tana sashen majinyata mata a wani asibiti a Jidda, shekararta uku da kama aiki. A Jidda aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Cadi da Sudan yana tafe yana ƙwadago, ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, ya sauke farali, bai koma ba. Larabcin Hijaz take yi a waje, Turanci take rubutawa a fayil ɗin majinyata, Hausa kuwa ta cikin gida ce, tsakaninta da mahaifiyarta da kakarta. Ni ke horar da sababbin ma'aikatan jinya a asibitin, ta hannuna ta bi lokacin da ta zo, shi ya sa lamarin ya gudana a gabana. Ba zan faɗi sunanta ko na asibitin ba.

Sai an san aikin da ya jawo mata lambar kafin a gane jawabin. A asibiti muna auna ciwo da ma'auni daga 0 zuwa 10. Sifili babu ciwo, 10 ciwon da ya fi kowane tsanani, daga 7 zuwa sama kuwa ba a barin mutum da shi. Sau da yawa likita kan rubuta maganin kashe zafi ya ce a bayar idan an buƙata, wato sai majinyaci ya nuna yana jin ciwo za a ba shi. To tsohuwar Bahaushiya, ko 'yar Jidda ce ko mahajjaciya daga Najeriya ko Nijar, in ka ce mata yaya jiki, amsarta ɗaya ce: da sauƙi. Jikanta da ke tsaye yana tafinta sai ya juya wa nas maganar da cewa ta ji dama. Nas 'yar Filifin ko 'yar Indiya ta rubuta ƙaramar lamba, ta wuce gado na gaba, tsohuwa ta kwana tana cizon bakin mayafi.

Abin da matashiyar ta yi shi ne ta haɗa kati mai tambayoyi 12 da Hausa, ta rubuta su da boko da kuma haruffan Larabci don kowace abokiyar aiki ta iya karantawa. A saman katin ta sa gargaɗi cewa in an ji "da sauƙi" kada a tsaya nan, a tambaya: ya hana ki barci? Kina iya juyawa? A zaune kika yi salla ko a kwance? Sannan a dubi fuska, a duba bugun jini. Shugabar sashensu ta yarda a gwada, daga baya ita ce ta miƙa sunanta ga kwamitin bayar da lambar yabo.

## 30 ga Afrilu: takardar gayyata

Za a yi bikin ranar 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, wadda aka ɗora a kan ranar haihuwar Florence Nightingale a 1820. Mutum tara za a karrama. Takardar ta ce kowa yana da minti ɗaya da rabi ya yi godiya da Larabci, wato sakan 90. Ta shigo ofishina da takardar a hannu ta ce, "Yaya, ni da ban taɓa riƙe makirufo ba. Ko a walima ba na magana."

Na ce ta rubuta abin da ke ranta tukuna, mu gani.

## 2 ga Mayu: rubutu na farko

Ta kawo shafi biyu, kalma 610. Na sa ta miƙe ta karanta da ƙarfi, na kunna agogon waya. Ya ci minti 5 da sakan 40. Wannan ya ba mu awon farko mai amfani: tana karanta kalma 108 ko kusa da haka a minti, a ɗaki, ba tare da tsoro ba. Ke nan sakan 90 ba za su ɗauki fiye da kalma 160 ba, kuma dole a rage wani abu don tafi, da gyaran makirufo, da numfashin da kan ƙwace wa mutum a gaban jama'a.

Fiye da rabin rubutun sunaye ne. Mutum 31 ta lissafa, tun daga shugaban asibiti har malamarta ta firamare, kowa da muƙaminsa da kirarinsa. Suna ɗaya tare da muƙami yana cin kamar sakan huɗu, sunayen kaɗai sun haura minti biyu. Da na ce ta yanke, sai ta ce kowanne yana da haƙƙi a kanta. Na ba ta takarda na ce ta rubuta waɗanda suke da haƙƙi amma ba su cikin jerin. Kafin ta ajiye biro ta tuna mutum takwas. Nan ta gani da kanta cewa tsawon jeri ba ya kare mutum daga ɓata wa wani, ƙara wa wanda aka manta zafi yake yi: wanda bai ji sunansa cikin uku ba zai yi uzuri, wanda bai ji shi cikin talatin ba zai riƙe.

## 5 ga Mayu: rubutun Baffa

Labari ya kai gida, baffanta ya karɓi aikin. Malamin Larabci ne, ya kuma yi abin da ya iya. Ya rubuto kalma 260 da Larabcin littafi tsantsa, da baitocin waƙa biyu, da tarihin Rufaida al-Aslamiyya, sahabiyar da ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, wadda a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handak. Rubutu ne mai kyau, ni ma na ji daɗin karanta shi.

Da ta karanta a tsaye ya ci minti 2 da sakan 50, ta yi tuntuɓe sau bakwai, galibi a wasulan ƙarshen kalma, waɗanda mai Larabcin kasuwa da asibiti ba ya furtawa kullum. Tana tuntuɓe sai ta koma farkon jimla, lokaci na tafiya. Idonta bai bar takarda ko sau ɗaya ba.

Akwai abu na biyu. Na tambaye ta, in aka miƙa wannan takarda ga ɗaya daga cikin sauran takwas ɗin, wace jimla ce za ta gagare ta faɗa? Ta duba daga sama har ƙasa, babu. Ba a ambaci katin ba, ba a ambaci sashensu ba. Ga shi kuma duk wanda ya saba zuwa irin wannan biki a ƙasar nan ya san da wuya manyan baƙi su sauka daga dandamali ba su ambaci Rufaida ba.

Mayar wa Baffa rubutunsa ya fi rubuta jawabin wuya. Ta je har gida ta durƙusa ta ce, "Baffa, harshena bai kai wannan ba, ina tsoron in ɓata maka shi a gaban mutane." Ya yi dariya ya ce ta bar masa, zai yi amfani da shi a makarantarsu.

## 7 ga Mayu: "ban cancanta ba"

Rubutu na uku gajere ne, sakan 55, kuma shi ne wanda mahaifiyarta ta so. Sau huɗu aka ce "ban cancanta ba" a ciki, ta fuska daban-daban: ban yi komai ba, akwai waɗanda suka fi ni, ban san yadda aka yi sunana ya fito ba. Tarbiyyar gida ce ke magana. An tashe ta a kan yabon kai jahilci ne, ga tsoron riya, ga tsoron bakin mutane a kan budurwar da ba ta yi aure ba ta hau dandamali ana haska ta da waya. Ummanta ta ce mata, "Ki sunkuyar da kai ki ce ba ki isa ba, ki sauko. Shi ke nan."

A nan muka fi daɗewa, don matsalar ba ta agogo ba ce. Na ce ta dubi zauren ta idon mutum uku. Na farko ɗan kwamiti, wanda ya zauna ya karanta fayiloli ya zaɓi nata. In ta ce ba ta cancanta ba, ta gaya masa a bainar jama'a cewa bai iya aikinsa ba. Ta biyu shugabar sashenta, wadda ta sa hannu a takardar miƙa sunanta. Ta uku nas ɗin da aka miƙa sunanta ba ta samu ba, tana zaune a layi na huɗu tana jin wadda ta samu tana cewa abin ba komai ba ne. Bahaushe ba ya mayar da hannun kyauta baya, kuma faɗin "ban cancanta ba" sau huɗu mayarwa ce, ko da an riƙe allon lambar a hannu.

Ta ce, "To Yaya, in ce na cancanta?"

Na ce ba sai ta yanke wa kanta hukunci ko ta wace fuska ba, kwamiti ya riga ya yanke. Nata shi ne ta karɓa, ta faɗi abin da aka yi daidai girmansa, ta nuna hannayen da suka kama. Da ta koma gida, hadisin nan da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, shi ya sassauto da Umma. Ta yarda, amma ta kafa sharaɗi ɗaya. Yarinyar 'yar fari ce, Umma ba ta ko kiran sunanta, ba ta kuma son a kira nata. Ta ce, "Ke, kada ki kuskura ki nuna ni a cikin mutane."

## 9 ga Mayu: labarin majinyaciya

Rubutu na huɗu ya kama hanya. Ta buɗe shi da labarin tsohuwar da ta sa ta fara tunanin katin, ta faɗi shekarunta, da garin da ta fito, da irin aikin da aka yi mata, da watan da aka kwantar da ita. Ya ci sakan 105, kuma shi ne karo na farko da ta ɗago kai tana magana.

Dole aka cire shi. Ba a ambaci suna ba, amma sirrin majinyaci bai tsaya ga suna kaɗai ba. Hausawan Jidda sun san juna, gari da shekaru da irin tiyata sun isa wata a unguwar Hindawiyya ta ce ai Hajiya wance ce. Za a ɗauki bikin da waya, kafin dare ya shiga zaurukan WhatsApp na dangi, kuma ba a nemi izinin matar ko 'ya'yanta ba. Muka zare shekaru, muka zare gari, muka zare tiyata da wata. Abin da ya saura kalma biyu ne, "da sauƙi", sai muka ga ashe su ne labarin, sun kuma shafi kowace tsohuwa ba tare da sun tona ko ɗaya ba.

## 10 da 11 ga Mayu: gwaji

Rubutu na ƙarshe kalma 121 ne da Larabcinta na kullum, wanda aka ɗan gyara masa zama, da kalmomin Hausa biyu a tsakiya. Godiya ta koma rukuni huɗu: kwamiti, abokan aiki, shugabar sashe, mutanen gida. Kowane rukuni an haɗa shi da abin da ya yi, ba da muƙami ba.

Ta gwada sau biyar a tsaye, biyu daga ciki bayan ta sauka daga aikin dare na awa 12, don ta ji yadda muryarta take idan ta gaji. Lokacin ya tsaya tsakanin sakan 68 da 74. Na sa ta riƙe littafi mai nauyi a hannun hagu a madadin allon lambar, domin masu karɓar kyauta kan manta cewa hannu ɗaya ne zai rage musu, babbar takarda kuma rawa take yi a hannun mai tsoro, kowa na gani. Ta haddace jimlar farko da ta ƙarshe, sauran ta rubuta kalma biyar a kati mai girman tafin hannu: kwamiti, sauƙi, dare, shugaba, gida.

## 12 ga Mayu: ranar biki

Shugaban taro ya ambaci Rufaida, babban baƙo ma ya ambace ta. Ita ce ta shida cikin tara. Na auna biyar ɗin da suka riga ta, mafi gajarta minti biyu da 'yan kai, mafi tsawo ya haura shida, har mai gabatarwa ya matso kusa da shi yana murmushin dole. Kafin a kira ta, rabin zauren na kallon waya.

Makirufo ya yi mata tsawo. Ta tsaya ta sauke shi da hannun da ke riƙe da katin, katin ya lanƙwashe a tafinta, ba ta sake duba shi ba. Ga abin da ta faɗa, na mayar da shi Hausa:

"Assalamu alaikum. Godiya ta tabbata ga Allah. Na gode wa kwamitin da ya duba aikinmu ya ga ya isa a yaba, na karɓa da farin ciki. A gidanmu, in ka tambayi marar lafiya yaya jiki, amsa ɗaya za ta ba ka: da sauƙi. Ko ciwon ya hana ta barci haka za ta ce, don ba ta son yin ƙorafi ga Ubangijinta, ba ta son ɗora wa mai tambaya nauyi. Abin da na yi shi ne na rubuta tambaya ta biyu a kan kati. Masu yin tambayar da ƙarfe uku na dare su ne abokan aikina, waɗanda suka koyi furta harshen da ba nasu ba saboda tsohuwar da ba su sani ba. Na gode musu. Na gode wa waɗanda suka koya mini wannan harshe a gida, suna nan zaune, sun san kansu. Katin yana kan teburin sashenmu, duk sashen da ke so ya aiko. Na gode."

Sakan 79 ya ci, har da gyaran makirufo. Da ta furta "da sauƙi" da Hausa, wasu ma'aikata a bayan zaure suka yi dariyar wanda aka taɓo masa abin gida, kawunan da ke kan waya suka ɗago. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Jimla ɗaya ta zube a hanya, ta shugabar sashe, wadda ta ba da izinin gwada katin ta kuma miƙa sunanta. Tana layi na biyu. Ta yi tafi kamar kowa.

## Bayan biki

Matashiyar ba ta gane ta tsallake ba sai da ta kalli hoton bidiyon a mota. Washegari ta riga kowa zuwa, ta sami shugabar kafin a miƙa aikin safe, ta nuna mata lanƙwasasshen katin da kalmar "shugaba" a kai, ta faɗa mata jimlar yadda aka rubuta ta. Matar ta ce ba komai. Kwana biyu ana gaisawa a taƙaice, daga baya abin ya wuce, amma bai wuce a ranar ba. A taron sashe na ƙarshen wata yarinyar ta nemi minti ɗaya ta maimaita godiyar a gaban abokan aiki.

Cikin mako biyu sashe uku suka aiko neman katin tambayoyin, har da na gaggawa. Wata nas daga Indonesiya ta zo tana tambayar yadda za ta haɗa irinsa don mahajjatan ƙasarsu. Kakar yarinyar, da aka kunna mata bidiyon, abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe kin tona mana asiri."

## Hukunci

A ganina abu biyu suka ɗauki jawabin. Na farko agogo. Tun ranar 2 ga Mayu da aka san kalma nawa bakinta ke fitarwa a minti, gardamar me za a bari me za a cire ta daina zama ta son rai. Tazarar kusan sakan 20 da aka bari ita ta shanye matsalar makirufo, ba ta kuma sa ta gaggawa ba. Na biyu, ta sami abu ɗaya wanda duk zauren babu mai iya faɗinsa sai ita. Shi ya warware rikicin da ke tsakanin kunya da karɓa, domin da ta ba da sakan talatin ga kalmar tsofaffi, ba ta buƙaci ta yabi kanta ko ta kushe kanta ba. "Na rubuta tambaya ta biyu a kan kati" daidai girman aikin yake, ba ƙari ba ragi. Jimlar ƙarshe kuma ta ba masu sauraro abin yi, shi ya sa aka aiko.

Rubutun Baffa da na Umma ba su da aibi a wurinsu. Na Baffa zai zauna daram a bakin wanda aka ba minti goma kuma Larabcin littafi ne abincinsa. Na Umma shi ne daidai a tsakar gida, in baƙuwa ta yabi 'yarki. A zauren da kwamiti da waɗanda ba su samu ba suke zaune ne ya zama matsala.

Tsallake shugabar sashe kuwa laifina ya fi nata. Na san mai tsoro farko da ƙarshe yake riƙewa, tsakiya ce ke zubewa, amma na bar godiyar da ta fi kowace nauyi a wurin aiki a matsayi na huɗu cikin biyar, na jingina ta da kati. Da an ɗaure ta da jimlar kwamiti, cikin abin da aka haddace, da ba ta zube ba. Ban kuma je na duba tsawon makirufo kafin taro ba, alhali zauren yana hawa ɗaya da ofishina.

Abin da har yanzu nake juyawa shi ne maganar kakar. Cikin raha ta faɗe ta, amma tsofaffin da ke cewa "da sauƙi" ba su ɗauke shi matsalar da za a gyara ba, a wurinsu ladabi ne da tawakkali. Jawabin ya faɗi dalilinsu da mutunci, a nan ban ga abin gyara ba. Sai dai tun ranar 9 ga Mayu muke ta tunanin izinin majinyaciya ɗaya, ba mu tuna mu karanta wa tsohuwar da ke cikin gida rubutun ba kafin a hau dandamali da kalmarta.